Gurbi a baz ɗin anket: a goge, a zuba muwayen, ko a cika da model? Tambayoyin da kuka fi yi mini

Nan Yamai kusan kowane lokacin memwar sai ɗalibai da ƴan ƙungiyoyi sun turo mini baz da tambaya iri guda, wai malam akwai gurbi da yawa ya za ni yi. Na tara tambayoyin wuri guda don in huta da maimaitawa. Misalin gidaje goma da za ku gani ni na tsara shi don lissahi ya hito a hili, ba sakamakon wata anket ba ne.

1. Mi ake nuhi da gurbi, kuma ko kowane wurin da ba a cika ba gurbi ne?

Gurbi shi ne wurin da ya kamata a samu amsa amma babu ita, R na rubuta `NA`, Stata na sa ɗigo, Excel ya bar shi hwanko. Amma ba kowane hwanko ne matsala ba. In kestiyoner ya ce "kuna da awaki?" mai gida ya ce a'a, to tambayar "awaki nawa kunka saida bana" KoboToolbox ko ODK tsallake ta za su yi da kansu, kuma wurin zai hito hwanko. Wannan ba amsa ce ta ɓace ba, tambayar ce ba ta shahe shi ba. In ka bari model ya cika wurin to ka ba mutumin da bai da ko akuya guda awaki bakwai ya saida.

Saboda haka kahin komi ka ɗauki kestiyoner ɗin ka aje kusa da baz, ka raba hwankon gida uku, wanda tambaya ba ta shafa ba, wanda ya ce bai sani ba, da wanda ya ƙi amsawa ko anketer ya manta. Na biyu da na uku su ne muke magana a kansu a sauran tambayoyin.

2. Na duba baz ɗina babu `NA` ko guda, ke nan na tsira?

Ba lalle ba, wataƙila ma kai ne cikin hatsari. Kestiyoner da yawa ana sa 98 ga "ban sani ba" da 99 ga "ba amsa", wani wuri 999 ko -99, kuma ordinater bai san lambobin ga alama ce ba, lissafa su yake kamar kowace lamba. Na taɓa karɓar wani aiki da anka ce mini matsakaicin yawan ɗiya a gida ya hi goma sha ɗaya, kowa na mamaki, ashe 99 ne sunka shiga cikin muwayen. Minti biyu ya ɗauke ni ganewa, na jera lambobin daga babba zuwa ƙarami kawai, amma rahoton ya riga ya zagaya hannun mutane.

```r
d$diya[d$diya %in% c(98, 99)] <- NA
colMeans(is.na(d))
```

Layi na biyu zai ba ka kason gurbi na kowace wariyabul. Sai dai ka kula, ga abu kamar damman hatsi 98 ko 99 na iya zama amsa ta gaskiya, don akwai gidan da ya samu dami 99, to nan kada ka yi gaggawar maida shi `NA` sai ka duba mi kestiyoner ya ce. Haka sihiri, wasu anketer in mutun bai amsa ba 0 suke dannawa don tablet ta bar su su wuce, kuma `MOYENNE` ta Excel tana tsallake hwanko amma tana ƙirga sihiri. Masu Stata kuma ku tuna shi gurbi ya hi kowace lamba girma a wurinshi, in ka rubuta `if dami > 50` duk masu ɗigo za su shigo ciki.

3. Kullum ina jin MCAR, MAR da MNAR, dole ne in gane su?

Dole ne, don su ne ke gaya maka wace dabara za ta yi aiki. Donald Rubin ne ya aza harsashin wannan rarrabewa a 1976, kuma tambaya guda ce a ƙarƙashinta, mi ya sa amsar ta ɓace? MCAR shi ne in ɓacewar ba ta da alaƙa da komi, kamar batir ɗin tablet ya mutu tsakiyar hira ko ruwa ya jiƙe takardu biyar cikin kwali. Waɗanda sunka rage kamar ka yi ƙuri'a ne ka ciro su, ba su bambanta da waɗanda sunka ɓace ba.

MAR shi ne in ɓacewar tana da dalili amma dalilin yana cikin baz ɗinka. Misali masu manyan gonaki sun hi barin tambayar girbi hwanko, don gonakin a warwatse suke, wani dami yana rumbu wani yana wurin ƙane, mai gida bai iya ba da lamba a tsaye. Girman gona ka rubuta shi, to kana da abin da za ka kama ka gyara da shi. MNAR kuwa shi ne in amsar kanta ce ta sa anka ɓoye ta. Duk wanda ya yi anket a ƙauye ya san wannan, mutun ya ga mota da tambarin ƙungiya ya ɗauka rajistar tallahi ce, to wanda rumbunshi ya cika shi ne zai ce "wallahi ban ƙirga ba". Ko tambayar garke, mai shanu da yawa ba ya son faɗin adadi.

Abin da zai ɓata maka rai shi ne babu gwajin da zai raba maka MAR da MNAR daga baz ɗin kaɗai, don abin da kake buƙatar gani shi ne ya ɓace. Abin da kake iyawa shi ne ka gane ba MCAR ba ne, ka ƙirƙiri wariyabul mai 1 in akwai gurbi da 0 in babu, ka duba ta bisa ƙauye, bisa jinsi, bisa girman gona, har bisa anketer. Sauran sai ka tambayi waɗanda sunka yi hirar, duba tambaya ta 9.

4. Ba zan iya goge layukan masu gurbi kawai in huta ba?

Kana iyawa, kuma ko ba ka yi ba `lm` na R da `regress` na Stata suna yi maka a ɓoye, duk layin da ke da gurbi ko a wariyabul guda cikin waɗanda ka sa sai su jehar da shi. Shi ya sa kullum ka duba adadin layukan da sunka shiga lissahin. Asarar tana taruwa da sauri hiye da yadda mutane ke zato. Ka ce kana da gidaje 600 da wariyabul 20, kowace gurbinta kashi 3 cikin 100 ne kawai, kuma gurbin bai bin juna. Damar gida ya cika duka ashirin ita ce 0,97 sau kanta ashirin, wajen 0,54, ke nan gidaje 326 za su rage maka. Kusan rabin kuɗin mai da na anketer sun tahi a iska saboda kashi 3.

Ga misalin da za mu riƙe har ƙarshe. Gidaje goma a wani ƙauye gefen Tawa, girman gona a hekta shi ne 1, 1, 2, 2, 3, 3, 4, 4, 5, 5, damman hatsin da sunka samu kuma 20, 30, 40, 50, 60, 70, 80, 90, 100, 110. Muwayen na gaskiya dami 65 ne. Yanzu mu ce gidaje uku ba su amsa ba, mai 80 da mai 100 da mai 110, wato duka cikin manyan gonaki. In ka goge su bakwai sun rage, jimilla 360, muwayen 51,4. Ka ragewa ƙauyen dami kusan 14 a kowane gida, ka rubuta rahoto cewa sun hi yadda suke talauci, ba don ka yi ƙarya ba sai don waɗanda sunka rage ba su wakiltar kowa.

Amma kada a zagi gogewa gaba ɗaya. In gurbin MCAR ne kuma kaɗan ne, gogewa ba ta karkatar da sakamako, ƙarhi kawai kake rasawa. Kuma ga wani abu da mutane ba su cika sani ba, in regresiyo kake yi kuma ɓacewar ta dogara ne ga wariyabul ɗin da ka sa cikin model ba ga amsar kanta ba, gangaren layin yana hitowa daidai gwargwado. A misalinmu gaskiyar ita ce kowace hekta tana ƙara dami 20, da gidaje bakwai kawai ana samun 21,2. To ka ga gogewa ta ɓata muwayen amma ba ta ɓata gangare ba, ya danganta ga abin da kake nema.

5. In na zuba muwayen a gurbin ai ban rasa kowa ba, mi ke laihin haka?

Wannan ita ce dabarar da na hi ƙi cikin ukun, kuma ita ce ta hi yawa a memwar ɗin da nake gani, don tana da sauƙi kuma tablo ya hito cike gwanin sha'awa. Mu koma ga gidajenmu na tambaya ta 4. Ka zuba 51,4 a gurbi uku, muwayen na gidaje goma ya zama nawa? 51,4 ɗin dai. Kuskuren da gogewa ta yi yana nan bai motsa ba, illa yanzu ka ɓoye shi, don mai karatu zai ga an rubuta gidaje 10 ya ɗauka kowa ya amsa.

Sannan ka ƙara ɓarna biyu da gogewa ba ta yi ba. Ta farko ekar-tip ya shanye. Na gaskiya 30,3 ne, bayan gogewa 24,1, bayan zuba muwayen ya koma 19,7, don ka jibge gidaje uku daidai tsakiya inda ba su ƙara bambanci ko kaɗan. Kuskuren muwayen da ordinater zai ba ka ya sauko daga 9,1 zuwa 6,2, wato kana ƙara bugun ƙirji a kan lambar da ba daidai ba, tazarar amincewa ta matse, gwaji ya riƙa ce maka akwai bambanci inda babu.

Ta biyu ta hi muni, alaƙa tsakanin wariyabul tana rushewa. Ka ba mai hekta 5 dami 51, ƙasa da abin da mai hekta 3 ya samu. In ka sake yin regresiyo gangaren ya faɗo daga 20 zuwa 7,9, sai ka zauna gaban juri kana bayani wai girman gona bai da wani tasiri sosai a kan girbi, abin da ko yaron da ke korar tsuntsaye a gona ya san ba haka ba ne. Yadda ake kama wannan a aikin wani kuwa ba wuya, ka zana istogram za ka ga wani dogon sanda guda a tsakiya, ko ka ga lamba irin 51,43 ta maimaitu sau da yawa a wariyabul da ya kamata ta zama lamba cikakkiya. Mediyan ma haka take, ba ta tsere wa ko guda cikin matsalolin ga ba.

6. To ita cikewa da model ya take aiki?

Tunanin mai sauƙi ne, maimakon ka ce gidan ga kamar kowa yake, sai ka ce kamar gidajen da sunka yi kama da shi yake. Da gidaje bakwai masu amsa muna ja layi, dami daidai yake da 3,1 a tara da 21,2 sau hekta. Mai hekta 4 ya samu wajen 88, masu hekta 5 kowanne wajen 109. In ka tara duka muwayen ya zama 66,5, kusa da 65 na gaskiya, nesa da 51,4 da dabarun tambaya ta 4 da ta 5 sunka ba mu. Ya yi aiki ne don abin da ya jawo gurbin, girman gona, yana hannunmu, wato MAR ɗin tambaya ta 3.

Sai dai in ka tsaya nan ka yi rabin aiki. Gidajen da ka cika duka sun hau kan layi cas, alhali gidajen gaskiya ba su hawa layi, biyu masu hekta 2 wani 40 wani 50. Ka yi kamar ka san amsar tabbas alhali ƙiyasi ne, alaƙa za ta hito ta hi yadda take ƙarhi, kuskure kuma ya yi ƙanƙanta. Maganin shi ne a cika sau da yawa, kowane karo a ƙara ɗan karkata na ƙuri'a gwargwadon yadda gidajen gaskiya ke watsuwa gefen layi, ka samu baz biyar ko talatin maimakon guda. Kowace ka yi lissahinka a kanta daban, daga baya a haɗa.

```r
library(mice)
imp <- mice(d, m = 30, seed = 1)
fit <- with(imp, lm(dami ~ hekta))
summary(pool(fit))
```

Pake ɗin `mice` na Stef van Buuren ne, yana bin wariyabul ɗaya bayan ɗaya yana cika kowace da taimakon sauran, ya zagayo sau da yawa. A Stata `mi impute chained` da `mi estimate` ne ke wannan aiki.

7. Ya ake haɗa sakamakon, ba sai in ɗauki muwayen ɗin baz ɗin duka in samu guda ba?

A'a, kada ka haɗa baz, sakamako ake haɗawa. In ka narkar da baz talatin ta koma guda ka kashe bambancin da ka sha wahalar sakawa, ka koma matsalar layi cas ta tambaya ta 6. Ƙa'idar Rubin ita ce `pool` ke bi, kuma ana iya yin ta da hannu. Mu ce baz biyar sun ba da muwayen 64, 67, 66, 68 da 65, amsarka ita ce tsakiyarsu, 66. Rashin tabbas kuma gida biyu ne, W shi ne matsakaicin murabba'in kuskuren da kowace baz ta bayar, mu ce 100, B kuma shi ne yadda amsoshin biyar sunka saɓa da juna, nan 2,5.

```
T = W + (1 + 1/m) * B
```

m shi ne yawan baz, nan 5, ke nan 100 a tara da 1,2 sau 2,5, ya ba da 103, tushenshi wajen 10,1 shi ne kuskuren da za ka rubuta. Wannan B ɗin shi ne kuɗin jahilcinka game da gurbin, in model bai san komi game da masu gurbi ba, B ɗin zai yi girma. Game da yawan baz, `mice` na yin 5 in ba ka ce komi ba, amma ƙa'idar da aka saba bi ita ce m ya kai aƙalla kason layukan da ke da gurbi, kashi 30 sai ka sa 30, ordinater ɗin yanzu ba ya jin nauyinshi.

8. Waɗanne wariyabul zan sa cikin model ɗin cikewa, kuma ya zan gane ya yi shirme?

Ka sa duk wadda za ta shiga lissahinka na ƙarshe, har da wadda kake son bayyanawa. Mutane na jin tsoron wannan suna ganin kamar maguɗi ne, amma in kana cika hekta ka hana model ganin dami, hektocin da zai ƙirƙira ba su da alaƙa da girbi kuma gangarenka zai yi laushi. Sannan ka ƙara masu bayyana dalilin gurbi kamar ƙauye, yawan mutanen gida, ko da ba su cikin tablo ɗin ƙarshe. Lambar gida da sunan anketer da aka rubuta da haruffa barkatai ka cire su.

Ga lambobi `mice` na amfani da `pmm` in ba ka canza ba, wato maimakon ya ƙirƙiri lamba sai ya nemo gidaje biyar masu amsa da ƙiyasinsu ya hi kusa, ya ari amsar guda daga ciki. Kyanshi ba za ka taɓa ganin dami ƙasa da sihiri ko ɗiya 2,7 ba. Aibinshi kuma misalinmu ya tona shi, babu mai hekta 5 ko guda da ya amsa, mahi girman amsa da ke akwai 90 ce, to `pmm` ba zai taɓa ba su sama da 90 ba alhali 100 da 110 gare su. Layin regresiyo shi ya iya wucewa, amma bisa zaton cewa gangaren ya ci gaba yadda yake a inda ba mu da shaida. In wani rukuni gaba ɗaya bai amsa ba, babu dabarar da ke da makama mai ƙarhi.

Bayan ka cika ka duba `plot(imp)`, layukan su cakuɗe da juna ba tare da suna hawa ko sauka ba, in suna tahiya gefe guda ka ƙara `maxit`, wato yawan zagayen da yake yi. Ka duba `densityplot(imp)` ma. In abin da anka cika ya bambanta da wanda anka amsa ba lalle kuskure ba ne, a misalinmu ai dole ya hi girma, amma ya zama kana iya faɗin dalili da bakinka.

9. In na tabbata mutane da gangan sunka ɓoye, kamar tambayar kuɗi ko garke?

To `mice` yadda yake ba zai cece ka ba, don ya ɗauka mai gurbi kamar mai amsa yake in hektarsu da ƙauyensu guda ne. Abin da ake yi shi ne a gwada juriyar sakamakon. Ka cika kamar kullum, sannan ka ƙara wa duk abin da anka cika kashi 10, ka sake lissahi, ka ƙara 20, ka ƙara 30, ka ga a ina maganarka ke juyewa. In sai an ƙara kashi 50 take juyewa ka kwana lahiya, in kashi 10 ya isa ya kada ta to ka rubuta haka a rahoto. Nawa za a ƙara ba baz ce za ta gaya maka ba, ka kira anketer biyu ko uku ka ce "don Allah waɗanda sunka ƙi faɗin shanunsu, ya gidajensu suke?" Sukan tuna, za su ce maka akwai amalanke biyu a ƙofa ko rumbu huɗu a bayan gida.

10. Kashi nawa na gurbi ne ya yi yawa?

Za ka ji ana cewa ƙasa da kashi 5 a goge kawai, ni ma ina bin haka in na duba na ga gurbin bai taru a wani rukuni ba. Amma ba doka ba ce. Kashi 4 da duka manyan ƴan kasuwar garin ne ya hi kashi 25 da batir ya jawo haɗari. Haka in gida gaba ɗaya ne ba a samu ba, an je an tarar sun tahi cin rani, wannan ba aikin cikewa ba ne, da nauyin anket ake gyara shi.

11. Mi zan rubuta a memwar ko rahoto?

Ka ba da yawan gurbi na kowace wariyabul muhimmiya da yawan layukan da sunka cika, ka faɗi abin da ka gano game da su wa ke da gurbi kamar yadda munka yi a tambaya ta 3, sannan dabarar da ka bi, wariyabul ɗin da ka sa, m nawa, da `seed` don wani ya iya maimaitawa. Ka aje sakamakon gogewa da na cikewa gefe da gefe a tablo guda, in sun yi kusa juri zai natsu, in sun yi nisa kamar 51,4 da 66,5 sai ka yi sakin layi guda kana bayyana cewa manyan gonaki ne ba su amsa ba. Baz ta asali kuma ka aje kwafinta daban da ba a taɓa ba, ranar da malaminka ya ce a sake da wata dabara ita za ka buɗe.